Shafi Biyu a Gaban Mai Jari

Mai jari kan karanta layukan farko na takarda, ya yanke shawara ko zai ci gaba. Saboda haka mai neman kuɗin injin sarrafa tumatir a Kadawa kada ya fara da tarihin gidansu. Ya fara da matsalar kai tsaye. Lokacin kakar tumatirin rani kwanduna na ruɓewa a bakin hanya, da damina kuwa farashi ya yi tashin gwauron zabi.

Batun kasuwa ne ke kayar da mutane. Cewa duk Kano na cin miya ba hujja ba ce. A faɗi masu gidajen abinci nawa aka zanta da su, gwangwani nawa suke saye a mako, kuma a kan nawa.

Sai adadin kuɗi. A ce naira miliyan 8 ake nema: miliyan 5 na inji, 2 na sayen tumatir, 1 na janareta. A bayyana ko bashi ne ko haɗin gwiwa, da kason ribar da mai jari zai samu, da lokacin da uwar kuɗinsa za ta dawo.