Farfaɗo da Inshorar Rai da Ta Faɗi: Hatsarin Sa Hannu a Takardar Lafiya Ba Tare da Karantawa Ba

Inshorar rai yarjejeniya ce tsakanin mutum da kamfani, inda mutumin yake biyan wani kuɗi a kai a kai, wanda za a kira zubi a wannan bayani, kamfanin kuma yake ɗaukar alkawarin biyan wani adadi ga magadansa idan ya rasu, ko gare shi kansa idan wa'adin ya cika yana raye. Idan lokacin zubi ya zo ba a biya ba, galibin kamfanoni suna ɗaga ƙafa na kwana 30, kuma a cikin waɗannan kwanaki kariyar tana nan daram. Da zarar sun wuce sai a ce yarjejeniyar ta faɗi, wato alkawarin biyan cikakken kuɗin ya sauka daga wuyan kamfanin. A Nijeriya tsohuwar dokar inshora ta 2003, a sashe na 50, ta kafa ƙa'idar cewa babu kariya sai an karɓi zubi, kuma Hukumar Kula da Harkokin Inshora ta Ƙasa, wato NAICOM, ta tsananta aiki da ita tun daga 2013.

Faɗuwar yarjejeniya ba ƙarshenta ba ce, domin kusan kowace takardar inshorar rai tana ɗauke da sakin layi da ya ba da damar farfaɗo da ita cikin wani wa'adi, wanda ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kuma a rubuce yake a jikin takardar ga duk wanda ya damu ya buɗe ta. Abin takaici shi ne yadda mutane da yawa, har da ma'aikata masu ilimi, suke ɗaukar al'amarin kamar adashi, inda wanda ya yi fashin zubi zai kawo na watannin da ya tsallake a ci gaba da tafiya kamar ba a yi komai ba. Biyan bashin zubi ɗaya ne kawai daga cikin sharuɗɗa. Kamfanin yana da ikon sake duba lafiyar mai nema, ya amince, ko ya gindaya sababbin sharuɗɗa, ko ya ƙi ɗungurungum, saboda ya san cewa mutumin da ya yi shekara bai waiwayi inshorarsa ba, sannan ya dawo a guje da kuɗi a hannu, sau da yawa wani abu likita ya faɗa masa.

Wasiƙar neman farfaɗowa ba ta bukatar tsawo. Ana aika ta ga sashen inshorar rai na kamfanin, da sa hannun mai yarjejeniyar kansa, tana ɗauke da cikakken sunansa kamar yadda yake a takardar, da lambar yarjejeniyar, da ranar zubin ƙarshe da aka biya, da dalilin tsayawa a taƙaice, ko rasa aiki ne ko sauya banki ko tsayawar cirewa daga albashi. Sai ta nemi a turo a rubuce lissafin bashin zubi tare da abin da aka ɗora a kansa, da fom ɗin bayanin lafiya, da duk wani gwaji da kamfanin yake bukata. Wanda ya kai wasiƙar da hannu ya tafi da kofi biyu, a buga masa hatimi da kwanan wata a kan ɗaya ya dawo da shi gida, domin wasiƙar da babu shaidar an karɓe ta, ranar rigima daidai take da wadda ba a rubuta ba.

Lissafin kuɗin zai fi fitowa fili da misali, kuma adadin da ke cikinsa na kwatance ne kawai. A ɗauka wani ma'aikaci ya shiga yarjejeniyar shekara 15 yana ɗan shekara 41, a kan alkawarin naira 3,000,000, yana zuba naira 18,000 kowane wata. Ya biya wata 48 ba fashi, sannan ya tsaya na wata 14. Bashin zubinsa ya kama naira 252,000. Idan kamfanin yana ɗora kuɗin ruwa na kashi 12 cikin ɗari a shekara, kowane zubi yana jawo naira 180 a wata, kuma da yake mafi tsufa ya yi wata 14 mafi sabunta kuma wata 1, jimillar watannin ta zama 105, ruwan kuwa naira 18,900. Abin da za a nema daga gare shi ke nan naira 270,900, ban da kuɗin gwajin asibiti, wanda a yawancin lokuta mai nema ne yake biya da aljihunsa. Idan kuwa bai farfaɗo da ita ba, irin wannan yarjejeniya da aka daɗe ana zuba mata takan koma abin da ake kira rufaffiyar ƙima, wato a rage alkawarin gwargwadon abin da aka biya: wata 48 cikin 180 na naira 3,000,000, wanda ya kama naira 800,000. Tsakanin 800,000 da 3,000,000 akwai naira 2,200,000, kuma a kan wannan tazara ne kamfanin yake sake ɗaukar kasada, shi ya sa yake tambayar lafiya.

A nan ne ake tabka ɓarnar da ta fi kowace muni. Fom ɗin bayanin lafiya yakan tambayi ko tun daga ranar da aka fara yarjejeniyar mai nema ya ga likita, ko an kwantar da shi, ko an yi masa tiyata, ko yana shan wani magani a kai a kai, ko an taɓa gaya masa yana da hawan jini, ciwon sukari, ciwon hanta, ciwon ƙoda ko ciwon zuciya, ko ya sauya sana'a zuwa mai hatsari, ko wani kamfani ya taɓa ƙin ba shi inshora. Abin da aka saba gani shi ne ejan ya zo da fom, ya bi layi yana zana "a'a" daga sama har ƙasa, ya nuna wa mutum gurbin sa hannu, shi kuma ya rattaba yana hira, har yana godiya da an sauƙaƙa masa. Wannan sakaci ne da ba shi da uzuri ga wanda ya iya karatu, wanda bai iya ba kuma yana da ɗa ko ƙane da zai karanta masa ya fassara. Ejan yana da lada a kan kowace yarjejeniya da ta ci gaba da tafiya, saboda haka gaggawarsa abin fahimta ce, amma sa hannun da ke ƙasan fom ɗin na mai nema ne, kuma da shi za a kafa hujja bayan ransa.

A koma ga ma'aikacin misali. A cikin wata 14 da ya tsaya, an auna shi a asibiti an ce jininsa ya hau, an buɗe masa kati, an ɗora shi a kan ƙwaya ɗaya kowace safiya. Shi a ganinsa lafiyarsa ƙalau, tunda yana zuwa aiki kuma bai kwanta ko kwana ɗaya ba, don haka "a'a" bai yi masa kama da ƙarya ba. Amma inshora ta ginu ne a kan ƙa'idar cikakkiyar gaskiya, wadda ta wajabta wa mai nema bayyana duk abin da zai iya sa kamfani ya sauya shawara ko ya sauya farashi, kuma hawan jini yana sahun gaba a irin waɗannan abubuwa. Idan ya rasu bayan wata takwas da farfaɗo da yarjejeniyar sakamakon shanyewar ɓarin jiki, kamfanin zai nemi takardar shaidar mutuwa da rahoton likitan da ya duba shi, kuma tunda mutuwar ta zo kusa da farfaɗowar, zai bi diddigin fayil ɗin asibiti. Kwanan watan da ke jikin katin zai nuna cewa an gano ciwon kafin a sa hannu a fom. Daga nan kamfanin zai iya soke farfaɗowar, ya mai da yarjejeniyar matsayinta na baya, iyalin su tashi da abin da bai wuce rufaffiyar ƙima ba, wataƙila da mai do musu da zubin da aka biya daga baya, gwargwadon sharuɗɗan takardar. Marayu ne za su yi ta zarya ofis a kan kuskuren da aka yi cikin minti biyu, wanda ya yi shi kuma ba ya nan balle ya ce ejan ne ya cike.

Da ya rubuta gaskiya, ya ambaci sunan maganin da asibitin da ranar da aka gano ciwon, da wuya a rufe masa ƙofa, domin hawan jinin da ake sha wa magani kuma awo ya nuna ya daidaita abu ne da kamfanoni suka saba karɓa. Mai yiwuwa a tura shi wurin likitan da kamfanin ya amince da shi, a auna jininsa da nauyinsa, a gwada fitsari da sukari da aikin ƙoda. Bayan haka amsar takan zo ta ɗaya daga cikin fuskoki kaɗan: a farfaɗo a kan tsohon farashi, ko a ƙara masa wani abu a kan zubin kowane wata, ko a rage adadin alkawarin, ko a ɗage shawara na wasu watanni har a ga yadda magani ya karɓe shi. Ƙarin naira dubu biyu ko uku a wata abu ne da zai sosa masa rai, amma alkawarin da aka saya da shi babu wanda zai iya warware shi da hujjar ɓoye ciwo. Haka kuma wajibcin faɗin gaskiya bai ƙare da miƙa fom ba: idan wani ciwo ya bayyana tsakanin ranar sa hannu da ranar amincewa, dole ne a sanar da kamfanin a rubuce.

Akwai kuma masu tura bashin zubi tun kafin a ba su amsa, wasu ma cikin asusun ejan na kansa, su ajiye saƙon banki a waya suna ganin magana ta ƙare. Kuɗin da ya shiga asusun kamfani kafin amincewa ajiya ce kawai da ke jiran hukunci, wanda ya shiga asusun ejan kuma mai yiwuwa kamfanin bai ma san da shi ba. Kariya tana dawowa ne daga ranar da kamfanin ya rubuta cewa ya farfaɗo da yarjejeniyar, kuma wannan takarda ce ya kamata a haɗa da ta asali a ajiye inda iyali suka sani. A duba ta da kyau, domin wasu wa'adodi suna sake farawa daga ranar farfaɗowa, kamar wa'adin da kamfani yake da damar ƙalubalantar bayanan da aka ba shi, da wanda ba a biyan diyya a cikinsa idan mutum ya kashe kansa.

Masu takaful na iyali, wato tsarin taimakekeniya da aka gina a kan shari'ar Musulunci, wanda NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, ba a ɗora musu kuɗin ruwa a kan gudummawar da suka tsallake, amma fom ɗin lafiya yana kansu kamar kowa, tunda asusun da za a biya daga cikinsa na sauran mahalarta ne. Wanda kuma ya cika sharuɗɗa ya biya kuɗi amma aka bar shi babu amsa, ko aka ƙi biyan magada a kan hujjar da suke ganin ba daidai ba ce, zai iya rubuta ƙorafi ga shugabancin kamfanin, idan bai gamsu ba ya kai sashen karɓar ƙorafi na NAICOM, tare da kofin wasiƙarsa mai hatimi, da kofin fom ɗin lafiyar da ya cike, da rasit na kowane biya.