Wane aiki ne ke riƙe da ranar buɗe titi?

Idan ana gina titi a unguwa, kowa injiniya ne. Da an ga masu aikin kwalbati sun yi kwana uku ba su zo ba, sai a ce kwangila ta mutu. Amma sau da yawa rashin zuwansu ba ya ƙara ko wuni ɗaya a kan ranar gamawa, alhali idan greda ta lalace na kwana biyu, ranar buɗe titin ma ta matsa da kwana biyu. Akwai lissafin da ke bambance waɗannan jinkiri biyu. A takardun kwangila da manhajoji irin su Primavera P6 da Microsoft Project ana kiransa CPM, kuma James Kelley na kamfanin Remington Rand da Morgan Walker na DuPont ne suka tsara shi a Amurka wajen 1957. Ba ya buƙatar komai sai tarawa da ɗebewa.

Mu ƙaddara ɗan kwangila ya karɓi ɗan gajeren titi, da kwalbati guda a inda ruwa ke tsallakawa. Injiniyansa zai fara da tambaya biyu a kan kowane aiki: kwana nawa zai ci, kuma me ya wajaba a gama kafin a taɓa shi? Awo da share hanya kwana 6 ne, kuma shi ne farko. Bayansa ayyuka biyu na iya tafiya tare, cikon burji da daddaɓe shi da rola na kwana 20, da ginin kwalbati na kwana 12, har da kwanakin da kankare zai yi yana shan ruwa kafin ya yi ƙarfi. Shimfiɗar dutse ta kwana 9 sai an gama ciko da kwalbati duka. Lambatun gefen titi, kwana 14, ciko kaɗai yake jira. Kwalta, kwana 7, tana bin dutse. Fentin layi da kafa alamomi, kwana 3, sai kwalta da lambatu sun kammala. Wanda ya tara waɗannan lambobi kai tsaye zai sami 71, kuma ya yi kuskure, don wasu ayyukan kafaɗa da kafaɗa suke tafiya.

Lissafi na farko gaba yake tafiya, yana neman rana mafi kusa da kowane aiki zai iya farawa ya kuma ƙare. Ana ƙirgawa daga sifiri, don haka idan aka ce 6 ana nufin ƙarshen rana ta shida. Awo ya ƙare a 6. Ciko ya tashi daga 6 ya ƙare a 26, kwalbati daga 6 zuwa 18. A nan ne ƙa'idar take: aikin da ke jiran abu biyu, wanda ya fi daɗewa yake jira, kamar yadda ba a zuba abinci don miya ta nuna alhali tuwo na kan wuta. Saboda haka dutse ba zai fara a 18 ba, sai 26, ya ƙare a 35. Kwalta ta kai 42. Lambatu da ya fara a 26 ya gama a 40, amma masu fenti sai sun jira kwalta, su fara a 42 su tashi a 45. Titin kwana 45 zai ci.

Sai a juyo daga ƙarshe da wata tambayar: yaushe ne makurar lokacin da aiki zai iya farawa ba tare da ya ture ranar 45 ba? Fenti dole ya fara a 42. Kenan kwalta da lambatu duka suna da wa'adin 42. Ɗebe kwana 7, kwalta ta fara a 35. Ɗebe 14, lambatu na iya jira har 28. Dutse ya ƙare a 35, ya fara a 26. Ciko fa? Ayyuka biyu ke jiransa, dutse na son shi a 26, lambatu a 28. A dawowa ƙaramar lamba ake ɗauka, wato 26, domin mai gaggawa ake fara sallama. Kwalbati ma wa'adinsa 26 ne, don haka ko a rana ta 14 aka fara shi bai makara ba. Idan aka iso kan awo lissafi bai koma sifiri ba, to an yi tuntuɓe a hanya, sai a sake bi.

Tazarar da ke tsakanin farawa da wuri da makurar farawa ita ce rarar aiki. A allon kwamfuta haka ake rubuta ta, inda ES ke nufin farawa da wuri, LS kuma makurar farawa:

```
Total Float = LS - ES
```

Kwalbati na da rarar kwana 8, wato 14 a ɗebe 6. Lambatu na da kwana 2. Awo, ciko, dutse, kwalta da fenti ba su da ko ɗaya, kuma idan aka tara kwanakinsu 45 ɗin za a samu cif. Wannan jerin ne ke riƙe da ranar buɗe titi. Duk kwanan da ya salwanta a cikinsa ya salwanta a kan aikin gaba ɗaya, kuma inda kwangila ta tanadi tarar jinkiri, daga aljihun ɗan kwangila zai fita.

A ganina lambatu ne ya fi cancantar a sa masa ido, ba don girmansa ba. A ce an matsa wa ɗan kwangila ya gama da wuri, sai ya yi hayar ƙarin greda da tifofi, ya rage shimfiɗar dutse daga kwana 9 zuwa 5. Kwalta za ta ƙare a 38 maimakon 42. Sai dai lambatu na nan a 40, fenti ba zai fara ba sai lokacin, aiki ya ƙare a 43. Ya biya kuɗin kwana huɗu, ya sami biyu, domin yanzu lambatu ne ya karɓi ragama. Da ya zuba kuɗin a kan ciko, wanda dutse da lambatu duka ke jira, da kowane kwana ya fito masa. Ƙara birkiloli a kwalbati kuwa asara ce tsagwaronta.

Rara ma ba kyauta ba ce. Kwalbati ya yi lattin kwana 8, babu komai; ya yi 9, titin ya koma kwana 46. Kuma lissafin ya ɗauka kowane aiki na da mutanensa da injinansa, abin da ba kasafai yake zama gaskiya ba. Idan injin kwaɓa kankare ɗaya ne, kuma kafintocin da ke kafa katakon kwalbati su ne za su yi na lambatu, to an ƙulla ayyukan biyu da igiyar da ba ta cikin zane. Dole a saka ta, in ba haka ba takarda za ta nuna sararin da babu shi a fili.

Sannan ga damina. Burjin da ya sha ruwa ba ya daddaɓuwa yadda ake so, kwalta kuma ba a zuba ta a kan jiƙaƙƙen dutse, don haka cikon da aka yi wa kwana 20 a watan Fabrairu ba zai tsaya a 20 ba idan ya faɗa cikin Agusta. Shi ya sa injiniyan kirki ke sake lissafin duk mako ko duk wata da ainihin abin da aka yi a fili. Idan rara ta fito da alamar ɗebewa, a ce −3, ma'anarta wa'adin da aka sa hannu a kansa ya riga ya kuɓuce da kwana uku, sai dai a gajarta wani aiki a cikin jerin ko a nemi ƙarin lokaci a rubuce.