Mai Gida Ya Rasu: Wa Ɗan Haya Zai Biya?

Bayan an share makoki, akwai mutanen da kan zauna cikin zullumi ba wanda ya waiwaye su, wato 'yan hayar marigayi. Za a tashe su ne? Kuɗin da suka biya ya bi ruwa? Saƙo ɗaya daga magada yana iya kwantar musu da hankali, muddin an tsara shi da kyau.

Mu ɗauka wani Alhaji a Kano ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza 3 da mace 1, iyayensa kuma sun riga shi. Gidan hayarsa na kawo naira 800,000 a shekara. Bayan biyan bashi da wasiyya, matar na da tumuni, wato 100,000, kowane namiji 200,000, 'yar kuma 100,000. Ke nan ko da ita ce babba, kuma ita ta san lissafin mahaifinta, ba ta da ikon karɓar kason 'yan uwanta sai da yardarsu. Shi ya sa saƙonta ke bukatar hujja. Ga yadda zai kasance:

"Assalamu alaikum. Ni ce 'yar marigayi Alhaji, Allah Ya jiƙansa. Magada sun wakilta ni in riƙa karɓar kuɗin haya har zuwa rabon gado, ga kuma kwafin takardar wakilcin da sa hannunsu da na mai unguwa. Yarjejeniyarku da Baba tana nan yadda take. Wanda ya biya na shekara ya kawo rasit a rubuta. Daga yau kada a tura kuɗi asusun Baba, sai wanda ke ƙasan wannan takarda, kuma kowane biya da rasitinsa."

Maganar yarjejeniya ba alfarma ta yi musu ba. A mazhabar Malikiyya haya ba ta warwarewa don mai gida ya mutu. Wanda ya biya har Disamba zai zauna har Disamba. Asusun mamaci kuwa banki kan dakatar da shi da zarar an sanar da rasuwar, kuɗin da ya shiga ciki sai da takardun kotu zai fito.

Inda na fi jiye wa 'yan haya tsoro shi ne saƙon waya mai lambar asusu kawai. Yau ɗan fari ya aiko, gobe dillali ya ce shi ne amintaccen marigayi. Wanda ya biya mutumin da ba a wakilta ba yana iya biya sau biyu. Idan saƙonni suka saɓa, ɗan haya ya ajiye kuɗinsa a shirye, ya sanar da mai unguwa, ya jira magada su daidaita ko alƙali ya naɗa mai karɓa. Kada ka saki ko kwabo sai ka ga takardar wakilci da idonka.