Yadda Ake Karanta wa Makaho Zanen Alƙaluma

Makahon da ke aiki da kwamfuta ko wayar hannu yana karatu ne da manhajar da ke furta masa abin da ke kan allo. A kwamfuta akwai JAWS da NVDA, wadda wasu makafi biyu 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, suka gina kuma ake rabawa kyauta. A wayoyin Android akwai TalkBack, a iPhone kuma VoiceOver. Rubutu ba ya ba waɗannan manhajoji wahala. Inda gizo ke saƙar shi ne hoto. Idan manhajar ta iso kan zanen alƙaluma, irin mai ginshiƙai ko mai layi mai hawa da sauka, abin da take karantowa shi ne ɗan bayanin da marubuci ya liƙa wa hoton a ɓoye, wanda a allo ake kira alt text. In ba a rubuta komai ba, sai ta tsallake hoton ko ta karanto sunan fayil, mutum ya ji wani abu kamar IMG_2041.png, alhali a nan ne aka zuba zuciyar rahoton.

Ƙa'idojin WCAG na ƙungiyar W3C, waɗanda bugu na biyu nasu ya fito a 2008, sun sa wannan a sharaɗi na farko: duk abin da ba rubutu ba ne a ba shi madadi a rubuce, wanda zai yi aikin da shi abin yake yi. Aikin ake nema, ba kamannin ba. A nan mutane da yawa ke zamewa.

Mu ɗauki zane ɗaya mu bi shi daki-daki. A ce ana rahoto kan ƙidayar jama'ar Najeriya ta 2006, an zana ginshiƙai biyar na jihohin da suka fi yawan mutane: Kano miliyan 9.4, Legas miliyan 9.1, Kaduna miliyan 6.1, Katsina miliyan 5.8, Oyo miliyan 5.6.

Mai gaggawa zai rubuta: "Zanen ƙidayar 2006." Wannan bai ƙara wa makaho komai ba, domin kanun rahoton ya riga ya faɗa masa. Mai ƙwazon da bai gane aikin ba kuwa zai rubuta: "Hoto mai ginshiƙai biyar, na farko kore ne dogo, na biyu shuɗi, akwai lambobi a gefen hagu daga sifili zuwa goma." Ya sha wahala, amma mai sauraro bai san wace jiha ce a gaba ba. Kamar mai sharhin ƙwallo ne a rediyo da ya tsaya bayyana launin riguna, bai faɗi wanda ya ci ba.

Kafin a rubuta kalma ɗaya, marubuci ya tambayi kansa: mai ido, da ya kalli zanen nan kallo ɗaya, me ya tafi da shi? A zanenmu abu biyu ne. Kano da Legas sun kusa yin kankankan, sannan akwai rami babba tsakaninsu da sauran ukun. Wannan ramin ba ya cikin kowace lamba ita kaɗai, ido ne ke tsinto shi, don haka shi ne abin da makaho zai rasa in ba a faɗa ba. Sai a rubuta:

"Zanen ginshiƙai na jihohi biyar mafi yawan jama'a a ƙidayar 2006. Kano ce a gaba da miliyan 9.4, Legas na biye da miliyan 9.1. Kaduna, Katsina da Oyo suna can baya, tsakanin miliyan 5.6 da 6.1."

Jimla uku ke nan. Ta farko ta faɗi irin zanen da abin da aka auna da shekara, domin mai sauraro ya san ko kwatanci zai ji ko sauyin lokaci. Sauran biyun suka ɗauki saƙon. Ba a fara da "hoton" ba, tunda manhajar da kanta tana sanar da cewa hoto ne. An kuma taƙaita lambobin: 9,401,288 daidai ne ga Kano, amma kunne ba ya riƙe lamba mai tsawon haka, kuma ginshiƙin ma bai nuna ta ga mai ido ba.

Akwai abin da aka bari da gangan. Gwamnatin Legas ta ƙi amincewa da sakamakon wannan ƙidaya, har gobe kuma ana muhawara a kai. Marubuci na iya jin ƙaiƙayin ƙara "abin da ya nuna Arewa ta fi yawa" ko "alƙaluman da ake shakka a kansu". Ginshiƙan ba su faɗi ko ɗaya ba. Idan maganar na da muhimmanci, wurinta cikin rahoton ne, inda kowa zai gani ya auna. A saka ta a ɓoyayyen bayani kuwa, an ba makaho ra'ayi a rigar hujja, shi kuma ba shi da hanyar duba zanen ya musanta. Wani bincike da Alan Lundgard da Arvind Satyanarayan na jami'ar MIT suka wallafa a 2021 ya taɓo wannan. Sun kasa bayanin zane gida huɗu: siffarsa, lambobinsa, yanayin da ido ke hangowa, da fassarar da ake kawowa daga waje. Makafin da suka tambaya sun fi amfana da na biyu da na uku, na huɗun kuwa bai samu karɓuwa wajensu ba. A ganina dalilin a fili yake: mutum yana so a ara masa ido ne, tunani kam yana da nasa.

To idan zanen na jihohi 36 ne da Abuja fa? A nan ɗan bayanin ba zai ɗauka ba. Ba wai akwai wata iyakar haruffa da doka ta gindaya ba. Matsalar ita ce manhaja takan kwararo bayanin a dunƙule, ba kamar jadawali ba, inda mutum ke bi layi-layi, ya tsaya a Jigawa, ya koma Sakkwato. Don haka ana raba aikin biyu. Gajeren bayani ya faɗi mafi yawa da mafi ƙaranci da yadda sauran suka karkasu, ya ƙare da cewa cikakkun alƙaluma na cikin jadawalin da ke ƙasa. Jadawalin kuma ya zama na rubutu na gaske, ba hotonsa ba, domin hoton jadawali ya mayar da mu gidan jiya.

Saka bayanin ba wuya. A Word da PowerPoint akwai akwatin Alt Text da ake buɗewa ta danna hoton da maɓallin dama na linzami. A HTML kuma haka yake:

```
<img src="kidaya2006.png" alt="Zanen ginshiƙai ...">
```

Ana barin alt="" babu komai ne kawai ga hoton ado, don manhaja ta wuce shi shiru. Zanen alƙaluma ba ado ba ne.

Kuskuren da ya fi wuyar kamawa shi ne bayanin da ya tsufa. An sauya zanen da sababbin alƙaluma, an manta da rubutun da ke bayansa, tunda mai gyaran ba ya ganinsa. Mai ido na kallon hasashen bana, makaho na jin ƙidayar 2006, kuma ba wanda ya sani. Maganinsa a duba bayanin duk lokacin da aka taɓa zanen. Kafin a saki rahoto kuma, a rufe zanen, a karanta wa wani bayanin da baki, a ce ya zana abin da ya ji a takarda. Idan ya fitar da dogaye biyu kusan kai ɗaya da gajeru uku, bayanin ya yi. Idan ya jera biyar suna sauka a hankali kamar matakala, ramin nan na mutum miliyan uku tsakanin Legas da Kaduna bai fito ba, sai a sake jimla ta uku.