Ragin farashi: yadda za a yi shi ba tare da kaya sun yi arha a idon mutane ba

Yau magana ce ta masu sayar da kaya a waya, musamman ku da ke ɗora hotuna a WhatsApp da Instagram. Da Sallah ta matso, kowa sai ya rubuta "gagarumin ragi". To amma kafin ku rubuta, kun zauna kun yi lissafi kuwa?

Mu ɗauki mai sayar da abaya. Ta saro kowace ɗaya a naira 14,000 har da kuɗin mota, tana sayarwa 20,000. Ribarta 6,000 ke nan. Sai ta ce ta yi ragin kashi 20 cikin ɗari. A baki abin kamar kaɗan ne, amma 4,000 ta cire, kuma daga ribarta aka cire su, domin kuɗin sari bai ragu ba. Saura 2,000. Idan a da tana sayar da abaya 10 a mako ta samu 60,000, yanzu sai ta sayar da 30 kafin ta ga wannan kuɗin. Kun ji fa, ninki uku. Don haka ku auna ragi da ribarku, kada ku auna shi da farashin kaya.

Akwai hanyar da iyayenmu suka daɗe da sani a kasuwa, wato gyara. Mai tumatir ba ta rage kuɗin kashi, sai dai ta ƙara miki biyu a kai. Mai abayar nan za ta iya barin farashinta a 20,000, ta ce duk wadda ta saya za ta samu ɗankwali kyauta. Ita ta saro ɗankwalin a 1,500, a kasuwa kuwa ana sayar da shi 3,000. Mai saye ta ga kyautar 3,000, ita kuma ribarta ta tsaya a 4,500. Mafi muhimmanci, farashin da ya zauna a kan mutane bai motsa ba. Da zarar mutum ya taɓa sayen abu a 16,000, to 20,000 ta zama tsada a wurinsa.

Wannan ba matsalar ƙananan 'yan kasuwa kaɗai ba ce. Kantunan JCPenney na Amurka sun yi shekaru suna saba wa mutane da ragi kusan kullum. A 2012 sabon shugabansu, Ron Johnson, ya soke yawancin ragin, ya sa farashi mai sauƙi kai tsaye. Cinikinsu ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu a shekarar, kuma a Afrilun 2013 aka sauke shi. Mutane sun riga sun saba, ba sa saye sai sun ga an rage.

Idan dole sai an rage kuɗin, to a ba shi dalili da iyaka. "Ragowar kayan hunturu ne, muna son wuri don sababbi" dalili ne da kowa zai gane. Ragi marar dalili kuwa yakan sa a yi zaton kayan na da aibi, ko kuma da can cutar mutane ake yi.

Sai kuma kalaman gaggawa. Ku saurari wannan: "Ku yi maza! Dama ta ƙarshe! Kaya sun kusa ƙarewa!" Babu rana, babu adadi, ihu ne kawai. Yanzu ku ji wannan: "Kyautar ɗankwali za ta ƙare ranar Laraba da ƙarfe 9 na dare, domin Alhamis da safe za mu kai saƙon ƙarshe tasha don ya iso kafin Sallah. Baƙar abaya guda 6 suka rage." Wannan ya faɗi lokaci, ya faɗi dalili, kuma mai saye ta san abin da za ta rasa idan ta yi jinkiri.

Sharaɗin dai shi ne ya zama gaskiya. In kun ce Laraba, to ranar Alhamis a daina, ko da ƙawarki ce ta roƙa. In kun ce 6 suka rage, kada a ga kun sayar da 20. Masu kallon hotunanku suna lura, kuma ranar da suka gane "dama ta ƙarshe" tana dawowa duk mako, sun daina sauri ke nan.

Ta yaya za ku san abin ya fara yi muku illa? Alamu biyu ne. Na farko, saƙon da ke shigowa ya koma "yaushe za a sake yin ragi?" maimakon "nawa ne?". Na biyu, ciniki ya mutu murus tsakanin wannan ragi da wancan. In kun ga haka, ku tsaya, ku taƙaita shi ga lokuta sanannu kamar Sallah da ƙarshen hunturu, sauran shekara farashi ya zauna daram.

A nan za mu dakata. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah ya ba da kasuwa mai albarka.