Banki Biyar, Haɗari Ɗaya: Darasin Raba Jari Daga Faɗuwar Kasuwar 2008

A shekarar 2007 babu hajar da ke tashe a Najeriya kamar hannun jarin bankuna. Tun da Babban Bankin Najeriya ya tilasta wa kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25, aka rage bankuna daga 89 zuwa 25 a ƙarshen 2005, sai suka yi ta tallar hannun jarinsu ga jama'a. Malaman makaranta, 'yan fansho da 'yan kasuwa duk suka yi rububi, wasu ma har da cin bashi.

Da yawa cikinsu sun san gargaɗin nan na Turawa, cewa kada mutum ya zuba ƙwansa duka a kwando ɗaya. Saboda haka sai suka raba kuɗinsu a bankuna huɗu ko biyar, suka ce sun yi dabara. Abin da ba su lura da shi ba shi ne, kwandunan biyar duk a bayan mota ɗaya aka ɗora su.

Motar kuwa ta kife. A watan Maris na 2008 ma'aunin kasuwar hannun jari ta Legas ya haura 66,000, amma cikin shekara guda ya rikito zuwa kusan 20,000. Farashin mai ya karye, masu jari na ƙasashen waje sun kwashe kuɗinsu, basussukan da bankuna suka bayar don sayen hannun jari sun ƙi biyuwa. A watan Agusta na 2009 gwamnan Babban Banki, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin Afribank, Finbank, Intercontinental, Oceanic da Union Bank a rana ɗaya. Wanda ya raba kuɗinsa a waɗannan biyar bai tsira da komai ba sama da wanda ya zuba a guda, domin ciwo ɗaya ne ya kama su.

Wannan shi ne abin da masanin tattalin arziki Harry Markowitz ya nuna da lissafi tun 1952, aikin da ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 1990: yawan wuraren da aka zuba kuɗi ba ya kare mutum, sai in wuraren ba sa faɗuwa a lokaci guda.

A ɗauki misali da mutum biyu, kowa da naira miliyan ɗaya. Na farko ya zuba dubu 200 a kowane ɗaya daga cikin bankuna biyar. Da hannun jarin bankuna ya faɗi da kashi 70 cikin 100, abin da ya rage masa dubu 300 ne. Na biyu ya kasa kuɗinsa gida huɗu, dubu 250 kowanne: hannun jarin banki, takardun lamunin gwamnati, zinare da fili. Kason banki ya koma dubu 75. A ce lamunin ya kawo ribar kashi 10 ya zama dubu 275, zinare ya tashi zuwa dubu 300, fili kuma yana nan yadda yake. Jimilla dubu 900. Shi ma ya ji jiki, amma ribar kashi 11 kacal ta ishe shi ya kusa mayar da uwar kuɗinsa, alhali na farko sai abin da ke hannunsa ya ninka fiye da sau uku.

Sai dai kariyar ba kyauta ba ce. Da a ce hannun jarin bankuna ninkawa ya yi, na farko zai tashi da miliyan biyu, na biyu kuwa ba zai kai miliyan ɗaya da rabi ba. Mai raba jari ya haƙura da babbar riba ne don ya kauce wa babbar asara. Kuma akwai masifar da ke shafar kusan komai lokaci guda: a Disambar 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8 cikin 100, ta cinye darajar ajiyar banki da ta lamuni baki ɗaya, tunda duk da naira ake lissafa su.

Hanyar gane ko jari ya rabu da gaske ita ce mutum ya jera abin da ya mallaka, ya tambayi kansa me zai iya karya kowanne. In amsar iri ɗaya ce, ko farashin mai, ko darajar naira, ko damina, to jarin a dunƙule yake. Ma'aikacin da ya sayi hannun jarin kamfanin da ke biyansa albashi ya fi kowa shiga haɗari, don ranar da kamfanin ya durƙushe zai rasa aiki da ajiya tare.

Mai ƙaramin ƙarfi ma yana da inda zai fara. Ga masu gudun kuɗin ruwa, gwamnatin tarayya ta soma sayar da takardun sukuk tun 2017, kuma mafi ƙarancin abin da ake shiga da shi naira dubu 10 ne.