Me ya sa shafin furojet ɗinka yake kwanciya?

Ka ɗauki hotunan shafukan furojet da waya, kowanne a tsaye, amma da ka haɗa su a PDF sai na bakwai ya kwanta. Abin da ke faruwa shi ne, waya ba ta cika juya hoton kansa ba. Alama kawai take sa masa, wato EXIF Orientation, mai cewa a juya shi lokacin nunawa. Wasu manhajojin haɗawa kuwa ba sa karanta alamar.

Manhajar Tesseract tana gano tsayuwar shafi daga siffar haruffansa:

```
tesseract shafi7.jpg - --psm 0
```

In ta nuna `Rotate: 90`, juya shafin digiri 90 yadda hannun agogo ke tafiya. Amma shafi mai zane da yawa, rubutu kaɗan, yakan rikita ta. Wannan kam duba da idonka kafin ka kai wa malaminka.